Moisanait ko lu'ulu'u: ya ake bambancewa?

Tambaya: "Ina Sakkwato, an kawo mini zoben moisanait, wai daidai yake da lu'ulu'u. Gaskiya ne?"

'Yar'uwa, kama suke yi, amma ba abu ɗaya ba ne. Lu'ulu'u, wato daimon, kabon ne zalla, moisanait kuwa haɗin silikon da kabon ne, kuma wanda ake sayarwa a masana'anta ake yin sa, shi ya sa kuɗinsa bai ko kusa da na lu'ulu'u ba.

Fito da shi rana ki juya. Moisanait yana watsa launuka kamar bakan gizo, fiye da lu'ulu'u ma, wanda walƙiyarsa ta fi fari. Wajen tauri, lu'ulu'u 10 ne a ma'aunin Mohs, moisanait 9.25, don haka ƙurar hunturu ba za ta karce shi ba.

Inda ake yaudarar mutane shi ne na'urar gwaji. Tsohuwar na'ura gudun zafi take aunawa, kuma duwatsun biyu duk suna tsallakewa. Ki nemi maƙerin zinariya mai na'urar da ke auna lantarki, ko ya leƙa ta gefe da gilashin ƙara girma: a moisanait layukan yankan ciki suna bayyana bibbiyu, a lu'ulu'u ɗaiɗai. In kuɗin da yawa, sai da takardar shaidar ɗakin gwaji.