Wai da gaske ne Hausa tana takure tunanin yaro?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni malama ce a nan Gombe, mun ɗan taɓa batun Sapir da Whorf a jami'a, masanan harshen da ake jingina wa ra'ayin cewa harshe yana tsara tunanin mai magana da shi. Wani ya zo bita makarantarmu ya ce mu daina yi wa yara Hausa ko a gida, wai bincike ya tabbatar harshe ne ke yanke wa mutum iyakar tunaninsa. Hankalina ya tashi don yarana uku da Hausa suka tashi. Wane gwaji ne ya fi ƙarfi a kan wannan magana?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, ki kwantar da hankalinki, ba ki cuci yaranki da komai ba.

Gwajin da na fi yarda da shi na ƙidaya ne. Mutanen Pirahã na dajin Amazon a Brazil ba su da kalmomin adadi tsayayyu, sai na "kaɗan" da "da yawa". A 2008 Michael Frank da abokan aikinsa sun jera musu ƙulullan zare aka ce su jera balan-balan daidai yawansu. In abin yana gabansu suna bi ɗaya bayan ɗaya ba matsala, amma da zarar an ɓoye kayan ko ana jefa su cikin gwangwani ɗai-ɗai sai kuskure ya fara, kuma yana ƙaruwa da yawan kayan. Abin da ya sa na fi son shi shi ne daga baya an ɗauko masu jin Turanci aka ba su irin aikin, aka sa bakinsu yana ta maimaita wata magana don kar su samu damar ƙirgawa a zuci, sai ga shi su ma sun koma kintace. Kenan kalmar lamba kayan aiki ce na riƙe adadi a ka, kamar dai yadda carbi yake riƙe wa mutum ƙirge.

Na biyu na launi ne. Rashanci yana raba shuɗi gida biyu, goluboy mai haske da siniy mai duhu. A 2007 Winawer da abokansa sun nuna wa mutane murabba'i uku a allon kwamfuta, ɗaya sama biyu ƙasa, ka zaɓi wanda ya yi daidai da na saman. Rashawa sun fi sauri in launukan biyu sun faɗa suna daban-daban, Turawan Ingilishi kuwa ba bambanci, kuma da aka sa Rashawan riƙe lamba mai alƙaluma 8 a ka sai fifikon ya ɓace. To amma fa tazarar ɗan gutsuren daƙiƙa ce, kuma wasu da suka sake gwadawa a 2020 ba su same ta yadda aka faɗa ba.

Yanzu ga abin da yake ci min rai, kusan kullum sai an turo min shi a Wasap: wai in harshenku ba shi da kalmar abu to ba za ku iya tunaninsa ba. Haba jama'a! Ko a gwajin nan masu Turanci sun bambance shuɗin sarai, ba wanda ya makance, sauri kawai aka auna. Mu nan muna cewa ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, duk aron suna ne daga wani abu, amma ki je babbar kasuwar Gombe ki kai wa mai atamfa ƙyalle ki ce irinsa kike so, ki ga ko zai haɗa miki ruwan goro da ja. Sannan in babu kalma ai ƙirƙira ake yi ko a ara, ishirin da talatin da hamsin duk daga Larabci muka ɗauko kuma ba wanda ya biya ko sisi. Shi kansa Whorf da suke jingina da shi, maganarsa cewa harshen Hopi, wata ƙabila a Amurka, ba shi da kalmomin lokaci irin namu, masanin harshe Ekkehart Malotki ya warware ta tun 1983 da ɗaruruwan shafuka na yadda Hopi suke faɗin kwanaki da lokuta. Amma har yau wani zai saka kwat ya karɓi kuɗin bita ya tsorata iyaye da maganar da masu fannin suka ajiye shekara arba'in da suka wuce, ko sunan gwaji ɗaya ba zai iya kawo miki ba. Kuma ɓarnar a gida take ƙarewa, uwa ta koma yi wa ɗanta guntun Turancin da ita ma bai zauna mata ba, yaro ya kasa hira da kakarsa.

In ya sake zuwa ki tambaye shi abu uku: me aka auna, tazarar nawa ce, kuma an sake gwajin an samu? Yaran kuma ki ci gaba da yi musu Hausa, Turancin su koya a kai, in akwai Fulatanci ko Tangale a gidan shi ma a bar musu.