p = 0.18 a gwajin wake: kada ki rubuta "ba ya da tasiri"

"Salamu alaikum ƴan uwa. Na gwada feshin ruwan ƴaƴan bedi a kan wake, fili biyar da feshi, biyar ba feshi. Na samu p = 0.18. Malamin da ke duba memuwar ɗina na kammala karatu ya ce in rubuta cewa bedi ba ya da wani tasiri. Haka zan rubuta?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi da na karanta saƙonki sai da gabana ya faɗi, don ramin da na faɗa ke nan ake tura ki ciki. Kada ki rubuta wannan jimla, ko wa ya ce ki rubuta.

Ni a kan hatsi na yi nawa, a wani ƙauye bayan Tibiri. Takin zamani ne na ɗan tsunkule, giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane ramin shuka. Fili shida da taki, shida ba taki. Da aka yi sussuka na auna, masu taki sun fi da kilo 150 a hekta, wato buhu ɗaya da rabi. Amma na'ura ta ba ni p = 0.22. Na kai wa malamin da ke kula da aikina, ko zama bai ce in yi ba, ya leƙa takardar ya ce tunda ya wuce 0.05 ai taki bai yi komai ba, in rubuta haka. Na rubuta, har a shafin kammalawa.

Ranar sutnans, wato ranar kare aikina a gaban malamai, mahaifiyata ta zo tun daga ƙauye, tana zaune a baya da ƙannena. Wata malama cikin juri ta buɗe shafin ta ce: "Ka ce takin ba ya da tasiri. To nuna mini inda lissafinka ya kore ƙarin buhu uku a hekta." Na yi tsuru-tsuru. Ta sake tambaya a hankali. Na juya na dubi malamina, mutumin da ya faɗa mini jimlar da bakinsa, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Da aka ba shi magana sai ya ce ya sha ja mini kunne a kan gaggawar yanke hukunci. A gaban mahaifiyata! Ita ba ta jin Faransanci, amma ta ga fuskata. Wata takwas ina bin mutumin nan, in je ofis a ce ya yi tafiya, in kira ya ƙi ɗauka, ranar da nake bukatar kalma ɗaya daga bakinsa ya juya mini baya. Har yau in na hango shi a gari sai in canza hanya. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Malamar nan ce, Allah ya saka mata da alheri, ta zaunar da ni bayan kwana biyu. Ta ce in karanta abin da p ke faɗi da kyau. Ma'anar 0.22 ita ce: da a ce takin ba ya yin komai ko kaɗan, da za a iya ganin bambanci kamar nawa, ko wanda ya fi shi, sau 22 cikin gwaji 100 saboda dacen fili kawai. Wato sakamakona bai yi karo da "babu tasiri" ba. Amma bai yi karo da "akwai tasiri babba" ba shi ma, kuma p ba ya gaya miki wannan rabin maganar. Wanda ya leƙa rijiya da dare bai ga ruwa ba, ai ba zai rantse ta ƙafe ba.

Sai ta sa na sake duba abin da `t.test()` ta fitar a manhajar lissafi ta R, layin da ke ƙasa da p, wanda ban taɓa kulawa da shi ba: `95 percent confidence interval`, tazarar amincewa. Tawa ta tashi daga kilo -107 zuwa 407 a hekta. Ki duba da kyau: sifili na ciki, shi ya sa p ya wuce 0.05. Amma 300 ma na ciki, 400 ma na ciki. Gwajina bai iya raba tsakanin asarar buhu ɗaya da ribar buhu huɗu ba, ni kuwa na tsinci sifili daga cikin wannan faɗin duka na ce shi ne gaskiya. Ki je yanzu ki duba taki tazarar kafin ki ƙara rubuta ko harafi.

Dalilin faɗin kuwa, ni da na yi damina a gonar na san shi. Filayen da aka yi wa abu iri ɗaya ma suna saɓawa da juna da wajen kilo 200. Ɗaya yana gindin gawo, hatsinsa ya fi ni tsawo ba tare da ƙwayar taki ba. Wani kusa da suri yake, wani a kan jigawa tsantsa, wani kuma inda shanu suka taɓa kwana da rani. Da irin wannan saɓani, fili shida-shida ba su isa ba. Ta nuna mini haka:

```r
power.t.test(n = 6, delta = 150, sd = 200)
power.t.test(delta = 150, sd = 200, power = 0.8)
```

Layin farko ya nuna cewa ko da takin na ƙara kilo 150 da gaske, gwaji irin nawa kusan sau ɗaya cikin biyar ne kawai zai ba da p ƙasa da 0.05. Na biyu ya ce ina bukatar fili 29 a kowane ɓangare. Wa ke da kuɗin fili 58? Ni da kuɗin man babur ma sai na ranta, ga awakin maƙwabta da na yi ta kora har sai da na kafa darnin kara. Ke ma ki lura da yawan fili, in za ki sake gwajin.

Abin da ya fi ci mini rai ba juri ba ne. Dattijon da ya ara mini gonar ya tambaye ni me na gano, na ce masa takin nan ba ya da amfani. Ya yi shiru, ya ce shi dai idonsa ya ga zangarniya ta fi kauri. Na koma na janye maganar, amma ta riga ta zaga majalisa.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Tun 1995 Altman da Bland suka yi gargaɗi a kan wannan kuskure a mujallar likitoci ta BMJ, a 2019 kuma masana sama da 800 suka sa hannu a wani kira a mujallar Nature kan a daina shi. In malaminki ya ƙi ji daga bakinki, ki buga masa waɗannan ki kai masa, cikin ladabi, kuma ki ajiye duk gyaran da ya yi miki a rubuce.

Kada kuma ki tsallaka ɗaya gefen ki ce bedi yana aiki, wannan ma ba ki nuna ba. Ki rubuta adadin bambancin, tazarar daga ina zuwa ina, da p ɗin yadda yake, sannan ki ce gwajin bai isa ya tabbatar da tasiri ko ya kore shi ba. Da tazarata ta tsaya tsakanin -20 da 30, to da ina da bakin cewa ko akwai tasiri bai kai rabin buhu ba, bai cancanci kuɗin taki ba. In abin da kike son nunawa ke nan, tun kafin shuka ake tsai da iyakar ƙarin da manomi ba zai damu da shi ba, a ga ko tazarar ta zauna cikinta gaba ɗaya.

Turo mini nauyin waken filayenki goma, zan duba tare da ke bayan sallar isha'i in an kawo wuta.