Kifin da ya wuni a kan tebur ba ya komawa firiza

Tambaya: "Malam, ina sayar da kifin ƙanƙara, titus da shawa. Da safe nakan fitar da katan biyu, yaro ya zuba su a ruwa su saki. Abin da ya rage da yamma na mayar firiza. Kwanan nan kwastomomi na cewa kifin ya yi laushi, ga riba ba na gani. Ina so na ci rance na sayi babbar firiza da janareta na buɗe shago na biyu. Me ka gani?"

Hajiya, ki ajiye zancen rance tukuna. Firizarki ba ta yi laifi ba. Matsalar ita ce ba ki san kilo nawa kike sayarwa a rana ba, shi ya sa kike fitar da katan biyu da ka. Wanda bai san cinikin tebur ɗaya ba, me zai je yi a shago na biyu?

Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai yake sa su. Da kifi ya wuce digiri 5 sai su farka, kuma a zafi irin namu adadinsu na iya ninkawa duk minti 20. Ƙa'ida ita ce ɗanyen kifi ko nama kada ya wuce awa 2 a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1. Naki wuni yake yi. Da kika mayar da shi, duk abin da ya hayayyafa yana nan yana jiran gobe.

Titus da shawa sun fi haɗari. Idan suka sha ɗumi sukan tara wani guba da ake kira histamin, wanda suya ba ta kashe shi, sanyi ma haka, kuma sau da yawa hanci ba ya jin sa. Na san wani da ke kai wa mai abinci titus kullum. Wata rana masu cin abincin suka fara ƙaiƙayi, fuska ta yi ja, ga ciwon kai. Matar ba ta yi masa faɗa ba, ta dai canza mai kawo mata kifi, maƙwabtanta biyu suka bi ta.

Laushin kuma daga mayar da shi firiza yake. Firizar shago a hankali take daskarar da kaya, sai ruwan jikin kifin ya zama manyan tsinken ƙanƙara da ke yayyaga tsoka. Da ya sake narkewa, ruwa da jini su tsiyaye, ki danna yatsa gurbin ya zauna, ciki ya fashe a kasko. Wannan jan ruwan da yaronki ke zubarwa a kwata, da kuɗi kika auno shi.

Mu yi lissafi. A ce katan mai kilo 20 ya zo miki a naira 60,000, kilo 3,000 ke nan. Kin sayar da 12, takwas sun koma. Gobe ko rabin kilo ne ya tsiyaye, 1,500 ta tafi. Kin rage 500 a kowane kilo don ya shige, kusan 4,000. Wajen 5,500 ke nan a katan ɗaya a rana, a wata ya haura 140,000. Ga kuɗin janaretar da kike neman rance a kai.

Ki sayi littafi. Mako biyu ki rubuta abin da ya fita da abin da ya saura, da safe daban, da yamma daban. Daga nan ki riƙa fitar da abin da zai ƙare kafin azahar kaɗai, a sauke shi a firji tun dare, a ƙasan firjin cikin roba don ruwansa kada ya ɗiga kan wani abu. In ciniki ya buɗe da rana, a ƙulle kifi a leda a tsoma cikin ruwan sanyi, a canza ruwan duk rabin awa, kuma wannan na sayarwa ne nan take. Ban da ruwan ɗumi, ban da shanyawa a rana. Na kan tebur ya zauna a kula, ƙanƙara sama da ƙasa.

Wanda ya narke a firji bai taɓa ɗumi ba, ana iya mayar da shi, sai dai zai rage kyau. Wanda ya zauna a kan ƙanƙara ya saura da yamma, ki karya kuɗinsa ga masu suya ko banda a ranar. Wanda ya yi ɗumi kuwa, haƙuri za ki yi ki zubar.

Da dare ma kina iya yin wannan ɓarnar ba ki sani ba, in an ɗauke wuta. Ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora tsabar kuɗi a kai, ki bar shi a firiza. Da safe in kika tarar kuɗin ya nutse ƙasa, kayanki sun narke sun sake kamawa. Firiza cikakkiya da ba a buɗewa takan riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabi 24, don haka ki hana yaron leƙe-leƙe. Ki aiko min da lissafin mako biyun, sannan mu yi maganar shago.