Aikin kai da kai ya hana ni hutu: yaya zan tsara kuɗi da lokaci?

Tambaya: Malam, ni mai zane ne a kwamfuta a unguwar Mabera, Sakkwato. Ina yin katin biki, fosta da tambarin shaguna, a ɗakina nake aiki. Wani watan kuɗi su shigo sosai, wani watan kamar an ɗauke ruwa. Ba na iya mayar da aiki ko da sha biyun dare ne, na daina zuwa majalisa, yanzu ko kwamfutar ba na son buɗewa. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sawwaƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan hali a 2019 a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita daga ran mutum, da raguwar ingancin abin da yake yi. Biyu na farko sun bayyana a saƙonka. Amma ba zan fara da ce maka ka huta ba, domin wanda bai san me zai shigo wata mai zuwa ba, ko ya kwanta hankalinsa yana kan waya. Tsoron watan da babu shi ne ke sa ka karɓi aikin sha biyun dare. Don haka daga kuɗi za mu fara.

Ɗauki takarda, ka buɗe tarihin asusunka na banki, ka rubuta abin da ya shigo a kowane wata na shekarar da ta wuce. Ka rubuta watan Musulunci kusa da na Bature, saboda kasuwar katin biki da shi take tafiya: ana rububin ɗaurin aure kafin azumi da bayan Sallah, farkon Ramadan kuma abubuwa su lafa. Za ka ga cewa watannin da kake ɗauka tsautsayi ne, yawancinsu suna da lokacin zuwa.

Bari mu ɗauki misali. A ce a shekara ka samu naira miliyan 2 da dubu 640, wato dubu 220 a wata idan an raba daidai. Data, man janareto da gyaran na'ura suna cin dubu 40, saura dubu 180. Kada ka mayar da wannan duka albashinka. Yanka wa kanka dubu 150, ka riƙa biyan kanka a rana ɗaya tsayayya kowane wata, daga asusun da kwastomomi ke turo kuɗi zuwa wani asusu daban na cefane da hidimar gida. A watan da dubu 400 suka shigo, ka cire na aiki da albashi, dubu 210 su zauna inda suke. A watan da dubu 90 kawai suka shigo, ka ɗebo dubu 100 daga ajiyar ka cike, gida bai ma san an yi ƙaranci ba. Kamar rumbu ne, da kaka ake cika shi saboda bazara. Burinka ajiyar ta kai kuɗin wata uku, a wannan lissafi dubu 570, kuma hakan yana iya ɗaukar shekara ko fiye.

Wuri biyu wannan tsari ke karyewa. Na farko, watan samu ne ake sayen sabuwar waya, a kuma buɗe hannu ga duk wanda ya zo da buƙata. Taimakon dangi hakki ne, ba na cewa ka bari, sai dai ka ware masa kaso sananne a cikin albashin, idan ya ƙare ka ce sai wata mai kamawa. Na biyu, tsadar kaya tana cinye darajar kuɗin da ke kwance, don haka duk bayan wata shida ka sake duba albashin da farashin aikinka, kuma ba laifi ka mayar da wani ɓangare na ajiyar buhun gero ko shinkafa lokacin kaka. Adashi yana taimakawa wajen tara kuɗin sayen na'ura, amma kada ka dogara da shi don watan ƙaranci, tunda ranar kwasarka ba lallai ta dace da ranar buƙatarka ba, ga zubi yana jiranka ko babu aiki.

Idan ajiya ta fara taruwa, bakinka zai iya furta sharaɗi. Karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami. Faɗa tun farko cewa gyara sau biyu ne a cikin farashi, na uku da kuɗinsa, domin a katin biki gyaran ne ke kashe mutum: yau a ƙara sunan kawu, gobe a sauya launi, jibi a ɗage rana. Aikin gaggawa na kwana ɗaya kuma ka ɗora masa ƙari. Na san kunya tana da nauyi a wurinmu, musamman idan dattijo ne ko abokin mahaifinka ya kira. Mafita ita ce rubutu: ka tura wa kowa sharuɗɗan a saƙo ɗaya iri ɗaya, sai ya zama ƙa'idar aiki ce, babu wanda zai ga shi kaɗai aka nufa. Ka ware layi guda na aiki a WhatsApp Business, ka kunna Away message, wato saƙon da ke amsa wa mutane da kansa idan ba ka kusa, daga bayan isha'i, ka rubuta cewa za ka amsa da takwas na safe in sha Allah.

Game da awannin aiki, ka bi yanayin garin. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma zanen da aka yi da ƙarfe biyun rana a ɗaki mai rufin kwano sai an sake shi. Sanya aikin da ke buƙatar tunani daga bayan asuba zuwa hantsi, ka yi ƙailula bayan azahar, amsa saƙonni da ƙananan gyare-gyare su koma bayan la'asar. Idan an kawo wuta da tsakar dare, ka jona kwamfuta da batir su yi caji, kai ka koma barci.

Ranar hutu kuwa ta zama tsayayya, kwastomomi su san ta. Juma'a ta fi sauƙin karewa, don ba wanda zai yi maka gardama a kanta, sai dai masu katin biki sukan sha matsi ranar Alhamis da Juma'a saboda ɗaurin auren ƙarshen mako. Idan haka naka yake, ɗauki Litinin. Layin aiki ya kwana a kashe ranar.

Kaɗaici shi ne ya fi damuna a saƙonka. Ma'aikacin ofis yana ganin mutane ko bai so ba, kai kuwa sai ka tsara. Koma sallar jam'i a masallacin unguwa, ka zauna a majalisa tsakanin magariba da isha'i ba tare da wayar aiki ba. Nemi kuma wani mai sana'a irin taka ku riƙa aiki wuri ɗaya sau ɗaya a mako, ko a shagon mai buga takardun da kake kai wa aiki. Ribar ta wuce hira: idan aiki ya yi maka yawa kafin Sallah ka miƙa masa wani, shi ma ya tuna da kai a watan da naka ya tsaya.

Gwada wannan na wata ɗaya ka lura da kanka. Gajiyar aiki takan sassauta idan an samu barci da hutu. Idan kuwa baƙin ciki ya zauna maka kusan kullum har mako biyu ko fiye, abinci da barci suka rikice, abin da kake jin daɗinsa a da ya daina burge ka, to lamarin ya wuce na tsarin aiki, ka ga likita. Akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin gari, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kware. Idan har tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka jira mako biyun, ka faɗa wa wani na kusa da kai ku tafi a ranar.