Ga mai son koyon ɗaurin zoben ganye kafin ta iso Jamus

"Yaya, na samu gurbin karatu a Jamus. An ce ɗalibai na samun kuɗi da haɗa zoben ganyen nan da ake ratayawa a ƙofa lokacin Kirsimeti. Don Allah ki koya mini tun daga farko."

Ƙanwata, ana samu, amma wanda ya faɗa miki bai faɗi sanyin ba. Aikin na ƙarshen Nuwamba ne, a tsaye ake yinsa, a ɗakin da ba a kunna hita don kada ganye ya bushe. Shagon furannin da na fara yi wa aiki ko safar hannu ba su ba mu ba, yatsuna suka tsage, mai shagon kuma tana ƙirga abin da kowa ya ɗaura kamar ba mutane ba ne muke. Yau ni ce ke koya wa sababbin zuwa, da hannuna na kai nan.

Ki nemi almakashin lambu da waya siririya mai kaurin milimita 0.65, wadda ake sayarwa a naɗe jikin guntun itace. Ganye kuma na bishiyar da Jamusawa ke kira tanne za ki saya, mai laushi da faɗi. Akwai wata mai kama da ita, fihte, ta fi araha, ganyenta na soka, kuma da ta ɗan bushe sai ta zube miki a bakin ƙofa. Ganyen turare da kika sani a gida yana shiga tsakani ya ƙara kyau.

Da ƙashin zoben ake farawa. Ki samu ɗanyun tsumagu masu lanƙwasuwa, biyar ko shida. Ki lanƙwasa ɗaya, idan ya karye ya bushe ke nan, ki jefar. Ki zagaya na farko ya haɗu da kansa, faɗinsa kamar santimita 30, sauran ki riƙa murɗa su a jikinsa kamar mai naɗa gammo, kowane ya fara daga wani wuri daban don kada gefe ɗaya ya fi kauri. Ki kama shi da waya a wurare uku.

Kafin ki sake taɓa waya, ki yanyanka ganyen duka, tsawon santimita 10 zuwa 15, ki tsige na gindin. Ki ƙulla bakin wayar a jikin zoben. Daga nan har ki gama ba a yanke ta.

Ki haɗa reshe uku ko huɗu a hannu, ki kwantar a kan zoben, dogo ta waje, gajere ta ciki, ki zagaya gindinsu da waya sau biyu ko uku. Ki ja. A nan ne kusan duk mai koyo yake lalata aikinsa, don yana tausayin ganye. Ɗanyen reshe yana ramewa idan ruwansa ya fita, wayar da kika ga ta kama yau bayan sati za ta yi sako-sako, ganye ya fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ki ja har ki ji ta shiga ɓawon. Ki gwada fizgar reshe ɗaya, idan ya motsa ki ƙara zagaye. Dami na biyu ya hau kan gindin na farko ya rufe wayar, duk suna kallon gefe ɗaya. Jefi-jefi ki ɗaga zoben ki riƙe shi nesa da ido. Idan ramin tsakiya ya fara toshewa, na ciki sun yi tsawo. Idan kina hango waya, kin ba da tazara da yawa.

Da kin zagayo, ki ɗaga kan damin farko ki cusa gindin na ƙarshe a ƙarƙashinsa, ki ɗaure, sannan ki yanke wayar. Ki yi madauki ta baya, ki soke bakin wayar cikin tsumagun don kada ta karce ƙofa. Ƙaron da ya manne miki a hannu man girki ne ke fitar da shi, sabulu kaɗai ba ya yi.

Kada ki buga ƙusa a ƙofar gidan haya, a kuɗin ajiyar da kika ba mai gida za a cire. Ki zura ƙyalle ta saman ƙofar ki maƙale ta ciki. A waje cikin sanyi zoben zai yi makonni, ki ɗan fesa masa ruwa. Kusa da hita kwanaki kaɗan ne.

Kada kuma ki shiga lambun gwamnati da almakashi, ko ki tsinko a shingen maƙwabci. Daji ma da mai shi, kuma ɗiba don sayarwa sai da izini. Akwai wata bishiya, aibe, mai jajayen 'ya'ya, tana da dafi, kada ki kai ta inda yara suke. Bizar ɗalibi tana ba ki damar yi wa shago aiki, cikakkun kwanaki 140 a shekara, amma ki ɗaura naki ki sayar sana'ar kanki ce, sai ofishin baƙi ya amince tukuna.