Lissafin kasada da riba kafin sayen ƙaramin kuɗin kirifto

Tambaya daga Tahoua: «Ina son sayen wani ƙaramin kuɗin kirifto mai yawan hawa da sauka. Yaya zan san ko ribar ta kai kasadar?»

Ɗan'uwa, ka fara da wurin da za ka fita idan kasuwa ta juya maka baya, wato stop-loss, kafin ka yi tunanin riba. A ce farashin yana 0,50 USDT, wato kuɗin kirifto mai bin darajar dalar Amurka, kuma ƙasan da ya sha tsayawa a kai yana 0,46, sai ka ajiye stop-loss a 0,45, ƙasa da shi kaɗan. Idan tsohon ƙololuwar da farashin ya kasa wucewa yana 0,65, kasadarka 0,05 ce, ribar da kake hari kuma 0,15:

```
(0.65 - 0.50) / (0.50 - 0.45) = 3
```

Ma'anarsa, ribar ta ninka kasadar sau uku, don haka ko sau ɗaya kawai ka ci cikin huɗu, uwar kuɗinka tana nan, kafin a cire kuɗin dillanci.

Daga nan ake fitar da yawan abin saye. Idan jarinka sefa 500.000 ne, kuma ka yarda ka rasa kashi ɗaya cikin ɗari, wato 5.000, to tunda tazarar fitarka kashi goma ce, hajar sefa 50.000 kaɗai za ka saya.

Inda lissafin ke ruɗin mutane shi ne ƙarancin masu saye. Ni kaina a nan Yamai na taɓa ajiye stop-loss na kwanta, farashi ya rikito cikin dare, aka sayar mini ƙasa da inda na sa, uku ɗina ta koma biyu. Saboda haka nakan duba order book, wato jerin tayin masu saye da masu sayarwa, in tazarar saye da sayarwa ta yi faɗi, sai in ƙara ta cikin kasadar in sake lissafi.