Yadda makaɗi ke gina zambo

Tambaya: Me ya sa zambon wasu makaɗan fada ke kama mutum ba tare da an ambaci sunansa ba, na wasu kuwa ya zama zagi kawai?

Sirrin yana wajen zaɓen siffa. Makaɗin fada kan yi zambo ne ga masu ja da ubangidansa, galibi 'yan uwan sarki da suka nemi sarauta ba su samu ba. Sai ya daɗe yana lura da mutumin, ya tsinci abu ɗaya da duk gari ya san shi da shi: rowa, yawan cin bashi, ko yanayin tafiyarsa.

A ce ɗan sarki ne dogo mai son abin hannun mutane. Makaɗi zai kira shi zalɓe, ya ce kullum yana bakin tafkin da ba nasa ba. Kowa ya gane, shi kuwa ba halin ya kai ƙara, don in ya yi magana ya amsa sunan ke nan.

Sai kuma wurin ajiye zambon a cikin waƙa. Gwani kan sa ɗan waƙa, wato baitin da ke ɗauke da zambon, dab da ɗan da ya kambama sarki, 'yan amshi su karɓe su maimaita a kan kiɗa har ya zauna a bakin yara. Wanda ya jero aibi biyar a ɗa ɗaya, ko ya kama suna, a ganina ya ɓata aikin, domin masu sauraro tausayin wanda aka zaga za su koma ji.